Yadda na ba da bayanin shaida a kan gobarar da ta tashi a layinmu

Ina sayar da shadda da atamfa a ɗaya daga cikin kasuwannin cikin garin Kaduna, kuma a hunturun da ya wuce wuta ta kama a layinmu ta cinye shaguna biyar, ta lashi gaban nawa. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. Da yake ni ne mutum na farko da ya ga hayaƙin, ni aka nema in ba masu bincike bayani, kuma a lokacin ban san bambancin abin da 'yan kwana-kwana suke so da abin da 'yan sanda suke so ba, ban kuma san cewa bayanin shaida daban yake da lissafin asara ba. Ba zan ambaci sunan kasuwar ko na maƙwabtana ba, domin akwai yaron da aka jefa wa zargi a cikin lamarin, kuma ba na son in sake tayar masa da shi. Abin da zan faɗa shi ne yadda tafiyar ta kasance daga daren gobarar har zuwa fitowar rahoto, saboda ɗan kasuwar da irin wannan ya faɗo wa ya san abin da ke gabansa.

Ranar Laraba ce, kuma tun bayan azahar aka ɗauke wuta. Yawancin mutanen layi sun kulle sun tafi kafin faɗuwar rana, ni kuwa kaya sun iso mini a makare daga Kantin Kwari, sai na nemi izinin masu gadi na tsaya ina ƙirga dilolin da hasken waya. Na yi sallar magariba a masallacin kasuwa, na dawo, ina cikin jera kaya sai ƙwan shagona ya kama, alamar an dawo da wuta. Ba a daɗe ba na ji wani wari irin na roba mai ƙuna. Na fara duba soket ɗina, na ga lafiya lau, sannan na leƙa waje, sai na hangi hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin kwanon rufin shagon tela da ke tsallaken layi, ɗan gefe kaɗan da nawa. Shagon a kulle yake da kwaɗo biyu. Na ƙwala wa maigadi kira, na buga 112, na kuma kira mai shagon. Kafin a ɓalle ƙofa wuta ta riga ta bi ta sama ta shiga shagon da ke manne da shi, domin bangon da ya raba shagunan layinmu bai kai rufi ba, kuma silin ɗin duka na katako ne. Iskar hunturu ta yi sauran aikin.

Bayan 'yan kwana-kwana sun ci ƙarfin wutar, wajen ƙarfe goma na dare, wani jami'insu ya zo da ƙaramin littafi yana tambayar wanda ya fara gani, aka nuna masa ni. Tambayoyinsa gajeru ne: sunana, lambar shagona, lambar wayata, inda nake tsaye, abin da na fara gani, da kuma ko ƙofar a buɗe take ko a kulle. Da na fara ce masa ana cewa dutsen guga aka bari a jone, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Alhaji, kai ka ga dutsen gugar?" Na ce ban gani ba. Ya ce to in bar shi tukuna, zai ji wannan daga bakin wanda ya gani. A wannan lokacin, wuta ba ta ma gama mutuwa ba, labarai uku sun riga sun zagaye kasuwa. Wasu sun ce dutsen guga ne, wasu sun ce janaretan mai sayar da kayan sanyi ne, wasu kuma sun ce an ga yaron tela ya fito da gudu daga layin, kuma ai kwanan baya maigidansa ya yi masa faɗa a gaban jama'a. Duk wanda ya faɗi nasa, rantsuwa yake yi kamar a gabansa aka yi.

Da na isa gida a Tudun Wada ban iya barci ba. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya yi aikin rajistara a kotu har ya yi ritaya, ya shigo yi mini jaje, kuma shi ne ya ba ni shawarar da ta fi kowace amfani. Ya ce kafin gari ya waye in ɗauki takarda in rubuta abin da idona ya gani, da abin da kunnena ya ji, da abin da hancina ya shaƙa, bi da bi, domin gobe idan na zauna cikin 'yan kasuwa na saurari labarin kowa, ba zan ƙara iya rarrabe nawa da nasu ba. Ya kuma ce in buɗe wayata in kwafe lokutan kiran da na yi. Nan na ga kiran 112 ya fita da ƙarfe 6:52, kiran mai shagon kuma 6:54. Daga waɗannan lokuta biyu na yi lissafi baya: an idar da magariba wajen 6:35, wuta ta dawo bayan na koma shago da 'yan mintuna, warin kuma ya biyo baya da abin da bai wuce minti biyar zuwa goma ba. Na zana layin namu a bayan takardar, na sa alama a shagona, da shagon tela, da kusurwar da hayaƙi ya fara fitowa. Wannan takarda ita ce na dogara da ita a kowane ofis da na shiga daga baya.

Washegari da safe shugabannin kasuwa suka tara mu a ofishin ƙungiya. Aikinsu a ranar shi ne rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, da lambar shago, da irin kayan kowa, da kiyasin asara, domin a miƙa wa hukumar kasuwa da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta jiha. Wannan jeri ba bincike ba ne, kuma sa hannu a kansa ba ya nufin ka ba da shaida, ko da yake mutane da yawa sun ɗauka sun gama da hukuma ke nan. Babbar rigimar safiyar ita ce ta share wuri. Masu shagunan da suka ƙone suna son kwashe baraguzai su ga abin da ya tsira, 'yan gwangwan kuma sun riga sun taru suna jiran kwano da waya. Shugaban layinmu ya tsaya kai da fata cewa ba za a taɓa komai ba sai masu bincike sun zo, aka ɗaura igiya aka sa masu gadi. Wasu sun ji haushinsa, amma a ganina ya yi daidai, domin wayar da ɗan gwangwan zai auna a kilo ita ce abin da mai bincike ya fi buƙatar gani a inda ta faɗi. Abin da aka yarda mana shi ne ɗaukar hoto daga bayan igiya, na kuwa ɗauka da yawa.

Da hantsi jami'ai biyu na hukumar kashe gobara suka iso tare da ɗan sanda da wani mai aikin lantarki. Sun sa na tsaya daidai inda nake a daren, na nuna musu da hannu inda hayaƙin ya fito, ɗayansu ya tako tazarar da ƙafa ya rubuta. Na lura ba su fara da shagon da ya fi ƙonewa ba. Sun fara daga wajen da ɓarnar ta fi sauƙi suna bin ta zuwa inda ta fi tsanani, suna duba gefen da kowace azara ta fi cinyewa da yadda tabon hayaƙi ya hau bango. Babban cikinsu ya yi mini bayani cewa wuta sama take hawa tana buɗewa, don haka tabonta a bango yakan tsuke daga ƙasa ya faɗaɗa a sama, kuma bin tsukakken gefen yakan kai mutum kusa da inda ta soma. Sai dai ya ƙara da cewa shagon da ya fi ƙonewa ba lallai ne shi ne mafari ba, domin inda aka tara yadi da soso ko aka ajiye jarkar fetur zai ci fiye da maƙwabcinsa ko da daga baya wutar ta same shi, haka ma inda aka ɓalle ƙofa iska ta shiga. Shi ya sa suka matsa mini da tambayar lokacin da aka buɗe ƙofar tela da wanda ya buɗe ta.

Sun ce in zo ofishinsu in ba da cikakken bayani, na je ranar da suka sa mini. Na zauna a benci fiye da awa guda saboda jami'in ya fita aiki, amma da ya dawo bai ɓata lokaci ba, kuma ba a karɓi ko sisi a hannuna ba. Tambayoyinsa duka a kan wutar suke, babu ruwansa da wanda ke da gaba da wani. Ya tambaye ni launin hayaƙin da na fara gani, na ce fari-fari ne mai ɗan toka, daga baya ya koma baƙi ƙirin. Ya tambaya ko na ji ƙara ko tartsatsi kafin warin, ko ƙwan shagona ya yi haske fiye da kima ko ya riƙa rawa da aka dawo da wuta, ko akwai janaretan da ke aiki a layin, ko na ji warin fetur ko kananzir. Na ce ƙwan ya ɗan yi rawa sau ɗaya, janareta kuma babu wanda ke kunne, domin da akwai da na ji ƙararsa a kasuwar da ta yi tsit. Ya nuna mini wani guntun wayar tagulla da suka ɗauko, bakinta ya dunƙule kamar ƙwayar gero, ya ce tagulla ba ta narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 1,085, wanda gobarar shago ba kasafai take kai wa ba, don haka irin wannan dunƙulen yakan nuna cewa wayoyi sun haɗu sun yi tartsatsi alhali akwai lantarki a cikinsu. Amma ya ja hankalina cewa wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin wutar da ta taso daga wani wuri ma tana iya cinye robar waya, wayoyin su haɗu su bar irin wannan alama. Abin da zai taimaka a rarrabe shi ne shaidar wanda ya ga inda hayaƙi ya fara da lokacin da ya fara. A nan na gane dalilin da ya sa kusurwar da na nuna da mintunan da na lissafa suke da nauyi haka.

Gayyatar 'yan sanda ta zo ta hannun shugaban kasuwa, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali, domin duk ɗan kasuwa ya san ana shiga caji ofis da ƙafa a rasa ranar fita. Dalilin shigarsu shi ne an kai ƙorafi cewa cinna wutar aka yi, kuma ƙona dukiyar mutane da gangan babban laifi ne a dokar laifuka ta jiha, har an riga an tsare yaron telan ana yi masa tambayoyi. Na tafi da katin ɗan ƙasa, da katin ƙungiyar kasuwa, da takardar da na rubuta a daren farko, kuma sakataren ƙungiya ya raka ni. A kanta aka rubuta sunana, aka ce in jira ɗan sandan da ke riƙe da binciken. Jiran ya ɗauke mini rabin yini, tun safe har aka kira azahar, don haka wanda zai je ya bar wani a shago, kada ya ce yanzu zai dawo.

Da aka kira ni, abin da na fara tambaya shi ne, "Yallaɓai, a matsayin shaida aka kira ni ko a matsayin wanda ake zargi?" Dattijon nan ne ya ce in tambaya, kuma tambayar tana da dalili. Wanda ake zargi ana karanta masa gargaɗi kafin ya yi magana, cewa ba dole ba ne ya ce komai, amma duk abin da ya faɗa za a rubuta kuma ana iya kafa hujja da shi, sannan yana da damar a ɗauki bayaninsa a gaban lauyansa. Shaida kuwa ba a yi masa wannan gargaɗin. Saboda haka idan mutum ya je ba da shaida ya ga an rubuta kalmomin gargaɗi a saman takardarsa ana son ya sa hannu a ƙarƙashinsu, to ya dakata ya nemi bayani, in ta kama ya kira lauya. Ɗan sandan ya ce mini shaida nake, ya miƙo takardar da suke kira sitatimen, mai gurbin suna, shekaru, sana'a, adireshi, ƙabila da addini a samanta, sauran kuma layuka ne.

Ya tambaye ni ko zan rubuta da kaina ko shi ya rubuta mini. Turancina na ciniki ne, bai kai in zuba dogon bayani ba tare da na faɗi abin da ban nufa ba, sai na ce zan rubuta da Hausa da hannuna. Ya yarda, ya ce za a fassara zuwa Turanci a wata takardar a haɗa su biyun a fayil, mai fassarar kuma ya sa sunansa da hannunsa, domin idan magana ta kai kotu ana iya kiransa ya tabbatar da aikinsa. Ga gangar jikin abin da na rubuta, na cire sunaye da lambobin shago:

"A ranar Laraba da aka yi gobarar ina cikin shagona bayan sallar magariba ina jera kaya, da izinin masu gadi. An ɗauke wutar lantarki tun bayan azahar, aka dawo da ita wajen ƙarfe 6:40 na yamma. Na san haka ne domin ƙwan shagona ya kama. Bayan kamar minti biyar zuwa goma na ji warin roba mai ƙuna. Na fito ƙofar shagona, na ga hayaƙi fari-fari yana fitowa daga ƙarƙashin kwanon rufin shagon tela, ta kusurwar hagu idan mutum yana fuskantar shagon, wato gefen da ya haɗu da shagon mai kayan sanyi. Tsakanina da wurin kamar taku goma sha biyu ne, akwai hasken ƙwan layi, kuma babu abin da ya tare mini gani. A lokacin ban ga harshen wuta ba, ban kuma ga hayaƙi yana fitowa ta ƙasan ƙofa ba. Ƙofar a rufe take da kwaɗo biyu. Na kira maigadi da baki, sannan na buga 112 da ƙarfe 6:52 kamar yadda wayata ta nuna.

"Bayan na yi ihu ne na ga yaron tela ya taho daga wajen masallaci, ya tsaya gaban shagon, sannan ya juya da gudu ya nufi bakin ƙofar kasuwa, ya dawo tare da maigadi na biyu da ƙarfen ɓalle kwaɗo. Ban gan shi a layin ba kafin hayaƙin. Maigadi ne ya ɓalle kwaɗon a gabana. Da aka buɗe ƙofa na ga wuta tana ci a silin, garwashi yana zubowa kan kaya. Ban iya ganin teburin guga ba saboda hayaƙi. Ban ji warin fetur ko kananzir ba, ban kuma ji ƙarar janareta a layin ba. Na ji mutane suna cewa an bar dutsen guga a jone, amma ni ban gani ba, kuma ban san abin da ya haddasa wutar ba."

Ɗan sandan ya karanta, ya ɗago ya ce, "Alhaji, kai da kake wurin, me kake zato ya jawo ta?" Na ce ina da zato kamar kowa, amma ba zan sa hannu a kan zato ba. Bai ji haushi ba, ya ci gaba da tambaya a kan yaron: daga wane gefe ya fito, yana riƙe da wani abu, na tabbata shi ne. Na ce na san shi shekara da shekaru, daga wajen masallaci ya fito, hannunsa babu komai. Waɗanda suka ce sun gan shi yana gudu ba ƙarya suka yi ba, gudun ya yi, amma su sun iso ne bayan ihuna, suka ga rabin abin suka cike sauran da faɗan da maigidansa ya yi masa. Da a ce na rubuta kawai cewa na ga yaron yana gudu daga layin, da na faɗi gaskiya kuma na cuce shi. Abin da ya raba shi da zargi shi ne jerin abubuwan, wato wanne ya riga wanne, da kuma gefen da ya fito. An sake shi a hannun mahaifinsa bayan maigadi da wasu da suka yi sahu ɗaya da shi a masallaci sun ba da nasu bayanin.

Da aka gama fassara na nemi a karanta mini ta Turancin a mayar mini da ita Hausa jimla bayan jimla, sakataren ƙungiya kuma yana bin takardar da ido. A wuri guda mai fassarar ya taƙaita ya rubuta cewa wuta ta tashi daga shagon tela, alhali abin da na ce shi ne na ga hayaƙi yana fitowa ta kusurwar rufin da shaguna biyu suka haɗa. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma jimlarsa ta yanke hukuncin da masu binciken kansu ba su yanke ba tukuna, kuma da ita za a iya bin tela bashin shaguna huɗu. Aka ja layi ɗaya a kan kuskuren yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, aka rubuta gyaran a sama, na sa hannu a gefensa. Na sa hannu da kwanan wata a ƙasan kowane shafi, na kuma ja layi a sararin da ya rage bayan jimlar ƙarshe. Wanda bai iya karatu ba yana dangwala yatsa ne, amma kada ya dangwala sai an karanta masa cikin harshen da yake ji kuma an rubuta a ƙasa cewa an karanta masa ya yarda, tare da sunan wanda ya karanta. Na roƙi izini na ɗauki hoton shafukan da wayata. Ba da bayanin shaida ba shi da kuɗin hukuma. Abin da na kashe a ranar kuɗin keke ne da na abinci.

Sai bayan wannan na koma kan tawa asarar, wadda hanyarta daban ce. Diloli biyu na atamfa da ke bakin ƙofa sun ƙone, ruwa kuma ya ɓata shadda mai yawa, sannan akwatin da nake ajiye takardar mallakar shago da rasitan haraji ya jiƙe har rubutun ya narke. Don a sake ba ni takardun, ofishin kasuwa ya nemi takardar rantsuwa daga kotu da takardar rahoton 'yan sanda mai nuna cewa na kai rahoton lalacewarsu. A bakin kotu wani ya tare ni ya ce in ba shi dubu goma ya gama mini komai ina zaune. Na wuce shi, na ba mai buga takardu ya buga mini, na manna hoton fasfo, na biya kuɗin a wurin biya aka ba ni rasit, na rantse a gaban jami'in rantsarwa ya buga hatimi, kuma duka abin da na kashe bai kai rabin abin da mutumin ya nema ba. Wajen lissafin asara na dogara da rasitan Kantin Kwari da saƙonnin banki na kuɗin da na tura wa dilana, na rubuta farashin sari. Na ga waɗanda suka ninka asararsu har uku da fatan samun tallafi mai kauri, kuma ban ga hikimar hakan ba, domin mutumin da aka kama ya ƙara gishiri a lissafinsa, in shi ne kuma shaida, lauyan da ke neman rushe shaidarsa ya sami abin kamawa. Tallafi dai ba a dogara da shi, inshora kuwa babu ko mutum ɗaya a layinmu da yake da ita.

Bayan wasu makonni aka sake kirana in yi ƙarin bayani, saboda masu bincike sun gano cewa akwai wata waya da aka jawo ta cikin silin daga shago zuwa shago, an haɗa ta da murɗi an naɗe da leda, kuma an maye gurbin fiyus ɗin layin da waya mai kauri wadda ba za ta tsinke ba komai nauyin da aka ɗora mata. Tambayar ita ce ko na san wanda ya yi wannan aikin da lokacin da aka yi. Na ce na taɓa ganin wani mai gyaran wuta a saman tsani a wurin kafin azumin da ya wuce, amma ban san wanda ya kira shi ba, ban kuma ga abin da ya haɗa ba. Ba a taɓa takardar farko ba. Sabuwa aka buɗe mai nata kwanan watan, aka rubuta a samanta cewa ƙari ce. Kafin in tafi na sake karanta hoton bayanina na farko, domin Dokar Shaida ta 2011 ta ba lauya damar yi wa shaida tambayoyi a kotu a kan abin da ya taɓa rubutawa, kuma idan bakinka na yau ya saɓa da takardarka ta jiya, duka biyun sukan rasa daraja a idon alƙali. Ba da bayanin ƙarya ga jami'in hukuma da gangan shi ma laifi ne mai zaman kansa.

Rahoton hukumar kashe gobara ya zo ta hannun shugabannin kasuwa, aka karanta mana shi a ofishin ƙungiya. Ya ce alamu sun nuna wutar ta soma a cikin silin, a mahaɗar shagunan nan biyu, kuma mafi rinjayen dalili shi ne matsalar lantarki a wurin haɗin wayar bayan dawowar wuta. Dutsen gugar da aka yi ta magana a kansa an same shi a kan tebur, filoginsa a zare. Rahoton bai ɗora laifi a kan mutum ɗaya ba, abin da bai yi wa wasu daɗi ba, musamman waɗanda suka so a sami wanda zai biya su.

Ga wanda za a kira irin wannan kira, abubuwan da na ga sun yi aiki kaɗan ne. Ya rubuta nasa a daren farko kafin ya saurari kowa, ya ɗaure lokutansa da abin da za a iya dubawa kamar kiran waya da lokacin salla, kuma inda kiyasi ne ya ce kiyasi ne. Ya faɗi inda yake tsaye, da tazarar, da irin hasken da ke wurin, ya kuma faɗi abin da bai gani ba, domin "ban ga hayaƙi ta ƙasan ƙofa ba" ta amfani masu bincike kamar yadda "na ga hayaƙi a rufi" ta amfane su. Abin da aka gaya masa, in zai ambata, ya ce an gaya masa ne kuma ya faɗi wanda ya gaya masa, don a je a tambayi mai maganar. Ya riƙe kwafin duk abin da ya sa wa hannu, ya ajiye shi a gida ba a shago ba. Ɗan sandan ya gaya mini fayil ɗin yana nan, kuma idan ɗaya daga cikin masu shagunan ya shigar da ƙarar neman diyya ana iya aiko mini da sammaci in je in maimaita bayanin a gaban alƙali, don haka ya ce in sanar da su idan na canza lambar waya ko na tashi daga shagon.